Amsar tambayarka kan laftof da FC 26

Salamu alaikum Sani, mutumina. Ya gida, ya su Umma? Na ga saƙonka tun da rana kana tambaya ko laftof ɗinka za ta ɗauki wasan ƙwallon nan FC 26 kafin ka saya, aiki ne ya riƙe ni, kuma ban so in ba ka amsar e ko a'a kawai ka je ka yi asarar kuɗinka.

Ka ce laftof ɗinka Core i5 ce, ram giga 8, kuma mai shagon da ya sayar maka ya ce babu wasan da ba za ta ɗauka ba. To, wannan bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Core i5 suna ne na zuri'a guda, akwai na shekara goma da suka wuce, akwai na 'yan shekarun nan. Kuma abin da ya fi muhimmanci a wasa irin EA Sports FC 26 shi ne katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba. Idan wadda na gani a hannunka da sallah ce, siririyar nan ta 'yan ofis, ina jin da wuya. Amma mu duba tukuna.

Ga mafi ƙarancin abin da masu wasan suka ce ana buƙata: Windows mai 64-bit, furosesa Intel Core i5-6600K ko AMD Ryzen 5 1600, ram giga 8, katin girafik GTX 1050 Ti ko RX 570, sai fili giga 100. Wanda suka ba da shawara kuwa, don wasa ya tafi sumul, shi ne Core i7-6700 ko Ryzen 7 2700X, ram giga 12, da GTX 1660 ko RX 5600 XT. Kafin ka biya ka sake leƙa shafin wasan a Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, can ƙasa inda aka rubuta System Requirements, ka gani da idonka.

Yanzu kunna laftof ɗin. Danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta wannan ka danna Enter:

```
dxdiag
```

Idan ya yi maka wata tambaya ka danna Yes. A shafin farko, System, nemi layin Processor. Kada ka tsaya a i5, karanta lambar da ke biye har da harafin ƙarshe. Misali i5-8350U: 8 ɗin farko yana nufin zubi na takwas, U kuma na nufin irin wanda aka ƙera don tattalin batir, ba don aiki mai nauyi ba. Masu H a ƙarshe, kamar i5-9300H, su ne ake sa wa laftof ɗin wasa. Shi 6600K da suka rubuta na kwamfutar tebur ne, yana shan wuta yadda yake so, don haka kada ka ga takwas ta fi shida ka ɗauka ka wuce shi. A ƙasa kaɗan akwai Memory, idan ka ga 8192MB giga 8 ke nan.

Sai ka koma shafin Display, a nan maganar take. Duba Name. Idan ka ga Intel HD Graphics ko Intel UHD Graphics 620, to ba ka da katin girafik na daban, wanda ke cikin furosesa ne kake amfani da shi. Yana da kyau a kallon fim da aikin makaranta, amma bai kama ƙafar GTX 1050 Ti ba. Wasu laftof suna da kati biyu, saboda haka ka duba ko akwai wani shafi mai suna Render ko Display 2, can ne NVIDIA ko AMD yake ɓuya.

A wannan shafin akwai abin da ke ruɗar mutane, kuma masu sayarwa na nuna shi da gangan ko da rashin sani. Za ka ga Approx. Total Memory da lamba babba, wajen 4000MB, ka ce ai ga giga 4 nan. Ba shi ba ne. Wanda za ka duba shi ne Display Memory (VRAM). A irin katin da ke cikin furosesa sau da yawa 128MB za ka gani a wurin, sauran duk Shared Memory ne, wato aro yake yi daga ram ɗinka. Ka ga ke nan giga 8 ɗin ma ba duka wasa zai samu ba, ga Windows ta ci nata. GTX 1050 Ti kuwa a kwamfutar tebur giga 4 nasa ne na kansa. Haka layin DirectX Version da zai nuna maka 12, kada ya sa ka murna, kusan duk mai Windows 10 haka zai gani.

In kana son tabbatarwa ta wata hanya, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. Idan GPU 0 kaɗai ka gani kuma Intel ne, shi ke nan. Idan akwai GPU 1 mai sunan NVIDIA, karanta lambarsa. GTX 1650 ko RTX 3050 za su yi. Masu MX, irin MX150 ko MX250, sunan NVIDIA ne a jiki amma ƙarfinsu bai kai ba.

Fili kuma ka buɗe This PC ka ga abin da ya rage a C. Idan giga 256 ne gaba ɗaya, kuma na san ka da tara finafinai, sai ka yi shara sosai. Ka lissafa datar saukewa ma, giga ne masu yawa, ga sabuntawa da ke zuwa a kai a kai.

To a ce duk ka haye. Abin da zan ce ka yi shi ne ka saya a Steam, don suna mayar da kuɗi idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Ka saka caja lokacin gwaji, domin a kan batir laftof na rage gudu. Ka sa saitin hoto a Low, ka buga cikakken wasa biyu ko uku, kada ka tsaya a filin atisaye. Laftof kan fara lafiya, bayan minti ashirin ta ɗau zafi, fanka na ihu, 'yan wasa su fara tafiya suna tsayawa. Da zafin nan namu, kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo, nemi tebur ka ɗan ɗaga bayanta. Idan wasan ya ƙi buɗewa yana maganar Secure Boot, rubuta msinfo32 a akwatin nan na ɗazu ka duba Secure Boot State, ka kira ni mu gyara tare, kada ka shiga BIOS kai kaɗai.

Idan kuma Intel UHD ne kaɗai, kada wani ya ce ka ƙara ram ya yi. Ram ana ƙarawa, amma girafik ɗin laftof a manne yake da allon ciki, ba a canza shi. Kuma don Allah ka rabu da masu tura wasan a filash suna cewa an matse shi ya koma giga 10. Ba za ka iya bugawa da mutane a intanet ba, kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta. Gara ka gwada eFootball, kyauta ne a Steam kuma bai kai wancan nauyi ba, ko da yake shi ma a irin wannan katin sai a hankali. In ya ƙi, kuɗin wasan ya ishe ka zama da yawa a shagon gem na bakin layinku.

Ɗauki hoton shafin System da na Display da wayarka ka turo min yau da dare bayan isha'i, zan faɗa maka ko ka saya ko ka haƙura. Ka gaishe da Umma da su Abba.

Naka,
Nura