Ƙusoshi Bakwai

Ranar da azumi ya cika ashirin da tara, Malam Inuwa ya tashi da niyyar shafe ɗakin tsakiya da farar ƙasa, domin sallah biyu ke nan ana karɓar masu gaisuwa a zaure, ɗakin kuwa yana rufe tun rasuwar matarsa Hajiya. 'Ya'yansa sun ce ya bari su turo mai fenti, ya ƙi. Da hantsi ya sa jikarsa Ummi ta fitar da tabarmi, shi kuma ya ɗauki filaya ya bi bangon gabas yana cire wasu tsofaffin ƙusoshi guda bakwai da ya daɗe yana ganinsu a jere, bai taɓa sanin amfaninsu ba, in ban da na ƙarshen da yake rataya carbinsa. Ya zuba su a aljihun rigarsa, ya toshe ramukan, ya shafe bangon tas.

Sai da suka zo janye gadon ƙarfe ne ƙafarsa ta bugi wani abu. Akwatin kwano ne kore mai zanen furanni, wanda fentinsa ya ɓare a kusurwoyi, kuma ya gane shi nan take, domin da shi aka kawo Hajiya gidan nan na Yakasai a shekarar 1974. Babu kwaɗo a jikinsa, igiyar rama kawai aka ɗaure shi da ita, irin ƙullin da take yi wa bakin buhun gero.

"Kaka, in buɗe?" in ji Ummi.

"Bari, amarya. Wannan aikin maigida ne."

Yatsunsa sun daɗe suna kokawa da ƙullin. Da murfin ya ɗaga, ƙamshin turaren wuta ya fito, ya tsufa amma bai mutu ba, har tsohon ya zauna a bakin gado ba tare da ya yi niyya ba. A sama akwai labulen ƙofa fari mai surfanin shuɗin zare, an naɗe shi da ƙwayoyin kanumfari a tsakani saboda asu. A ƙarƙashinsa akwai zanen gado da rigunan matashi, da ƙaramin kaskon turare wanda bakinsa ya yi baƙi, da tasoshi uku da ta saya a Kasuwar Kurmi shekarar da ya yi mata faɗa a kan ɓarnar kuɗi. A gefe kuma ga wata tumaƙasa da ba a gama saƙawa ba, kwarashin yana soke a inda aka tsaya.

Can ƙasa ya tarar da faya-fayai, saƙar kaba mai rinin ja da kore da ɗorawa, kowanne da ɗan madauki na zare a bayansa. Ummi ta riƙa fito da su tana ƙirgawa da ƙarfi, ta tsaya a kan bakwai.

Malam Inuwa ya dubi bangon gabas, wanda farar ƙasarsa ba ta gama bushewa ba, sannan ya sa hannu a aljihu ya ji sanyin ƙarfe. Shekara kusan hamsin yana fita da sassafe zuwa filin idi na Ƙofar Mata, ya tsaya kallon wucewar Sarki, ya dawo ya tarar da ɗaki yana ƙyalli da ƙamshi, ya zauna ya ci tuwon sallah, ya raba wa yara barka da sallah, bayan Hawan Nasarawa kuma ɗakin ya koma yadda yake. Bai taɓa ganin sa'ad da ake ratayawa ba, bai kuma taɓa ganin sa'ad da ake saukewa ba. Iyakar abin da ya tuna yana faɗa shi ne, "Yau ɗaki ya yi kyau," kamar ɗakin ne ya gyara kansa.

"Allah ya jiƙanki, Hajiya," ya faɗa a hankali. Ummi ta amsa da amin, tana goge ƙurar kaskon da gefen zanenta.

Bayan la'asar ya aike ta gidan maƙwabta ta aro guduma. Ramukan sun ɓace a ƙarƙashin shafen, don haka sai ya riƙa lalube da tafin hannu, yana neman inda bangon ya ɗan faɗa. Biyar ya samu a gurbinsu, sauran biyun ya kafa su bisa kintace, ɗaya ma ta karkace. Bai san wane faifai ne ke bin wane ba, Ummi kuwa ta rantse cewa mai ja ne a tsakiya, domin tana ƙarama ta sha miƙa wa kakarta shi daga ƙasa. Ya bi maganarta.

Suna cikin rataya labule aka kira sallar magariba, ya sha ruwa a tsaye da dabino ɗaya. Bayan isha'i rediyo ta sanar da cewa Sarkin Musulmi ya tabbatar da ganin wata, yara suka ɓarke da sowa a lungu. Ummi ta kawo garwashi a kasko, sannan ta ɗauko tumaƙasar ta tambaye shi ko ta mayar da ita cikin akwati.

"Kin iya saƙa?"

"Kaɗan-kaɗan. Ita ta fara koya mini."

"To, ajiye ta a kan gado, kada ki zare kwarashin," in ji shi, ya miƙa hannu ya daidaita faifan da ke kan karkatacciyar ƙusa.