Sakin Layi Na 14

Ran da Alhaji Sale ya sa hannu a takardar, hankalinsa yana kan motar da ke jiransa a Kwangila. Shekara goma sha bakwai yana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Garin Zariya, duk cinikinsa da baki yake ƙarewa: a taya, a sallama, a ce Allah ya sa albarka. Wannan ne karo na farko da wani kamfanin abincin kaji ya ba shi oda, masara buhu 300, kowane buhu kilo 100, a kan naira 40,000. Miliyan 12 ke nan. Za a ba shi kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, ya kawo kayan sau uku, buhu ɗari-ɗari, duk kawowa a biya shi miliyan 2 da dubu 800.

Manajan saye ya turo masa shafi tara da Turanci, ya ce, "Alhaji, abin da muka yi magana ne kawai aka rubuta. Nan, da nan, da nan."

Alhaji Sale ya yi sakandare, yana karanta Turanci idan ya natsu. Ya duba shafin farko, ya ga sunansa daidai, 300 daidai, 40,000 daidai. Ya sa hannu a wuri uku, ya naɗe kwafinsa ya cusa a aljihun mota.

Lissafinsa ba shi da aibu. A Giwa yana samun buhu a 36,500. Kuɗin mota, 'yan dako, sabon buhu, ɗinki da la'adar dillali sun kai 1,200. Ribar buhu 2,300, a buhu 300 dubu 690. Kawowa ta farko da ta biyu suka wuce lafiya, don tsohuwar masara ce ta rumbu, busasshiya, in ka ciza sai ta ce ƙas.

Ta ukun ce ta faɗo a farkon Oktoba, tsohuwa ta ƙare a kasuwa, sabuwa ta fara shigowa. Ya sa hannu cikin buhu ya ji ta da ɗan sanyi, amma dillali ya rantse ta sha rana. Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar ƙarshe ta wa'adi, mota ta shiga kamfani. Wani yaro ya soki buhu goma, ya zuba a na'urar auna danshi. Ta nuna kashi 17 cikin ɗari. Kamfanin ba ya karɓar abin da ya haura 14, kuma da gaskiyarsu, masara mai wannan danshi in aka jibge ta a sito zafi take ɗauka ta yi fumfuna, ta kashe kaji.

Ya kira manaja a waya. "Ranka ya daɗe, a ba ni 'yan kwanaki in shanya."

"Ba damuwa, Alhaji, ka gyara ka kawo."

Shanyar buhu ɗari ba wasa ba ce. Ya ari tamfol shida, ya samu fili a bayan Samaru, ya ɗauki yara huɗu suna bazawa da kaurin da bai wuce yatsa uku ba, suna juyawa da manjagara. Kwana biyu hadari ya taso, aka tattare aka rufe. Da ta sauka zuwa 13 da rabi aka sake aunawa, sai ga buhu 96 ma bai cika ba: ruwan da ya fita ya tafi da kilo wajen 400. Ya sayi buhu huɗu da 'yan tiyoyi ya cike. Mota ta isa kamfani Juma'ar da ta zagayo, ƙarfe huɗu da rabi. Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa.

"An rufe sikeli. Sai Litinin."

Litinin aka karɓa. Laraba saƙon banki ya shigo yana zaune a rumfa: miliyan 1 da dubu 600. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya kira manaja, wannan karon muryar ta sauya. "Alhaji, ba ni ba ne, akanta ne. Duba sakin layi na 14."

Ya lalubo takardar a aljihun mota, ƙarƙashin rasit ɗin mai, ya kai wa wata lauya da ke da ofis a PZ, 'yar amininsa ce, tun tana ƙarama take kiransa Baba. Ta karanta da biro a hannu. Sakin layi na 14 layi biyu ne kacal, yana cewa jinkiri zai bi abin da ke Rataye na B. Ratayen kuwa yana shafi na takwas, bayan wurin sa hannu, da ƙananan haruffa.

"Baba, abu huɗu ne a nan. Tarar kashi 1 cikin ɗari ce kowace rana, amma ta jimillar kwantiragin gaba ɗaya, ba ta kayan da suka makara ba. Dubu 120 ke nan a rana. Kayan da aka mayar saboda danshi ana ɗauka ba a kawo su ba. Asabar da Lahadi suna cikin ƙirga, ko da su ne suka rufe sikeli. Kwana goma, miliyan 1 da dubu 200." Ta ɗan dakata. "Na huɗun ne ya fi ba ni haushi. Da ka rubuto neman ƙarin lokaci cikin awa 48, suka amsa a rubuce, da babu tara."

"Ai na kira shi. Ya ce ba damuwa."

"Ya rubuta? Ko saƙon waya?"

Alhaji Sale ya yi shiru. Can ya ce, "To, ai ban karanta ba. Wannan ba hujja ba ce?"

"A'a, Baba. Wanda ya iya karatu ya sa hannu, ya ɗaure kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Dokar kare wanda bai iya karatu ba tana taimakon wanda ba a karanta masa aka fassara ba, kai kuwa ba ka cikinsu." Ta juya shafin. "Inda muke da ƙafa shi ne girman tarar. Kotu tana bambanta diyyar da aka ƙiyasta bisa asarar gaskiya da tarar da aka sa don tsoratarwa, ta biyun ba ta tilasta biyanta. Buhu 200 sun iso kan lokaci, me ya sa za a ci tararsu? A kan buhu ɗarin da suka makara, dubu 400 ne. Amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma dillalinka na Giwa ba zai jira ba."

Ba zai jira ba kam. Sau uku ya kira tun safe.

Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa tana neman a mayar da dubu 800. Bayan mako biyu, ranar wata Juma'a, aka kira Alhaji Sale ofis. Manajan ya tarbe shi da fara'a har da lemo, ya ce an amince a mayar masa da dubu 500, yau ɗin nan, in ya sa hannu cewa magana ta ƙare. Ya turo shafi uku da biro a kai.

Alhaji Sale ya ture biron gefe, ya sa tabarau, ya fara daga shafin ƙarshe yana bi da yatsa. Manajan ya dubi agogo.

"Alhaji, akanta zai tashi ƙarfe huɗu fa."

"Wannan layin da ya ce Rataye na A, ina ratayen? Shafi uku kawai ka ba ni."

Manajan ya buɗe durowa, ya yi 'yan dube-dube, ya zaro wani shafi. Alhaji Sale ya haɗa su huɗun, ya ninke, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya miƙe.

"Sai Litinin," ya ce.