Layi na Goma Sha Huɗu

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban ake rabon kuɗi a ƙungiyar gama kai ta mata masu turara shinkafa a Kura. Mata arba'in da ɗaya ne, kowace tana zuba abin da ya sawwaƙa duk mako, sai azumi ya gabato a buɗe asusu, a cire bashin wadda ta ci bashi, a miƙa mata sauran. Tun bayan azahar zauren Hajiya Binta, shugabar ƙungiya, ya cika har ƙofa. Wasu sun zo da goyo, wasu ƙaiƙayi bai gama fita daga gyalensu ba, don daga wurin shanya suka taho.

Sagir, akawun ƙungiya, yana gefe a kan benci da takarda shafi biyu da ya bugo da safe a shagon bakin tasha. Shi ke kiran suna da adadi, Hajiya Ladi ma'aji ta ƙirga ta sa a ambulan, mai kuɗi ta dangwala yatsa. Kafin a fara an haɗa jimlar takarda da kuɗin da aka ciro daga banki, suka zo daidai har naira.

Mutum goma sha uku na farko suka karɓa suka yi godiya. Ta goma sha huɗu, Hadiza Garba, ba ta zo ba, haihuwa ta yi, aka ajiye mata nata. Daga nan ne ƙananan maganganu suka soma. Hajara ta juya ambulan ɗinta ta ce ita fa tana jin ya fi haka. Maimuna ta ce wata dubu tara tata ba ta gani ba. Hajiya Binta ta ce kowa ta tuna da bashin taki da aka cire, aka ci gaba. Waɗanda nasu ya haura kuwa ba a ji bakinsu ba.

Iya Zuwaira ce ta ƙarshe. Ta taso a hankali tana dafa gwiwa.

"Zuwaira Musa," in ji Sagir, "naira dubu shida."

Tsohuwar ta karkato kunne. "Ɗan nan, sake faɗa."

"Dubu shida, Iya."

Ba ta ce komai ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan tabarma. Ƙwallayen tsamiya ne, sun yi sheƙi saboda taɓawa. Duk Alhamis ɗin da ta kawo dubu uku sai ta jefa ɗaya. Ta jera su biyar-biyar da yatsa, kowa na kallo, suka tashi arba'in da shida.

"Ban yi boko ba," ta ce, "amma ban taɓa cin bashin ƙungiya ba, mako biyu kacal na fasa, lokacin da na kwanta. Dubu ɗari da talatin da takwas ne. Gado da katifar Ummi ne, bikinta bayan ƙaramar salla."

Sagir ya sake duba takarda. Ya ce, da muryar da shi kansa bai gamsu da ita ba, abin da kwamfuta ta nuna ke nan. Wannan kalma ce ta juyar da idanun mutane daga kansa. Kwamfuta ba ta da aljihu, akawu ba ya taɓa tsabar kuɗi. Hannu ɗaya ne kuɗi ke bi ta cikinsa duk mako.

Daga can baya wata ta ce, ba da ƙarfi sosai ba, "To dama Keke Napep ɗin da aka saya wa Auwalu daga sama ya faɗo?"

Hajiya Ladi ta ajiye kuɗin da ke hannunta. Shekara tara tana riƙe da asusun nan, ba ta karɓar ko sisi. Kowa a zauren ya san gonar gadonta ta Kadawa ta jinginar ta saya wa ɗanta keken, amma a wannan lokacin babu wadda ta buɗe baki ta faɗa. Ta zaro makullin akwati daga wuyanta ta ɗora a gaban Hajiya Binta, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da duk wadda ta zarge ni," ta sa takalmi ta fita. Littafinta ma a nan ta bar shi.

Bayan sallar isha'i Sagir ya zauna a shagonsa da fitilar waya, ambulan ɗin Hadiza Garba da aka ba shi ya kai mata yana kan katifa. Rubutun bayansa ya tsaya masa a ido: dubu saba'in da huɗu. Matar da ta shiga ƙungiya mako uku da suka wuce, tana zuba dubu bibbiyu. Ya lissafa a ransa, dubu shida. Gabansa ya faɗi.

Ya buɗe kwamfutar, ya jawo tsohuwar takardar da ya buga a watan Rajab ya shimfiɗa kusa da ta yau. Daren jiya ya dawo masa dalla-dalla. Hajiya Binta ta aiko cewa a jera sunaye bisa haruffa don kada a yi gardamar wa za a fara kira. Duk a jere suke dama, ban da Hadiza da ke can ƙasa, layi na arba'in da ɗaya, don ita ce sabuwa. An ɗauke wuta, batir saura kaɗan. Cikin sauri ya yanko sunanta a Excel, ya hau sama tsakanin Habiba da Hajara, ya danna Insert Cut Cells, ya adana, ya rufe. Sunan kaɗai ya yanko. Layin gaba ɗaya ya kamata ya ɗauka, da zubinta da bashinta da ragowarta.

Sunaye suka sauka da ɗaki ɗaya, alkaluma suka tsaya inda suke. Hadiza ta hau kan kuɗin Hajara, Hajara ta hau kan na Halima, haka har ƙasa, inda Iya Zuwaira ta faɗa kan dubu shidan Hadiza. Ba a ƙara naira ba, ba a rage ba, shi ya sa jimla ta fito lafiya. Mata ashirin da takwas, kowace an rubuta mata haƙƙin wata.

Gyaran bai fi minti ɗaya ba. Ya gyara, ya zauna yana kallon allon. Zai iya zuwa gobe ya ce na'ura ce ta rikice, ƙwayar cuta ce ta shiga, babu mai ja da shi a cikinsu. Aikin nan dubu ashirin da biyar ake ba shi a wata, da shi yake biyan haya, kuma Hajiya Ladi ce ta kawo shi, saboda ƙawancenta da mahaifiyarsa. Da ya tuna haka sai ya ga fuskarta lokacin da take laluben takalmi a bakin zaure, ƙafarta na kuskure shi. Ya ɗauko littafinta. Da ajami take rubutu, kowace mace da shafinta, kowane zubi da ranarsa. Ya bi shafi-shafi har asuba yana gwadawa da teburin da ya gyara. Ko wuri ɗaya ba su saɓa ba.

Da gari ya waye ya tafi gidan Hajiya Binta, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya faɗi komai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ka san me ka jawo wa baiwar Allah nan? Jiya har gidan suna an yi zancenta."

"Na sani, Hajiya. Ina roƙon a tara su, ni zan faɗa da bakina."

Bayan an sauko daga Juma'a aka sake cika zauren, ban da Hajiya Ladi. Sagir ya miƙe tsaye. Ya ga in ya ce layi da ɗaki ba za a gane ba, sai ya roƙi mata biyar su jeru, kowace ta cire takalminta ta ajiye a gabanta. Ya kawo ta ƙarshe ya tsayar da ita a farko, sauran suka matsa taki ɗaya, takalma na nan inda suke.

"Kowa ta dubi gabanta. Takalmin wa ta gani?"

"Na Rabi ne wannan," in ji ɗaya.

"An rasa ko ƙafa ɗaya?"

"A'a."

"To abin da na yi ke nan da hannuna, daren Laraba. Ba kwamfuta ba ce, ba Hajiya Ladi ba ce. Littafinta ga shi, na bi shi duka, ko naira ba ta ɓata ba. Ni ne."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wasu na salati, wata na cewa dama ta faɗa, yaron yanzu da na'ura sai a hankali. Hajiya Binta ta tsawatar, ta ce kowa ta dawo da ambulan ɗinta a sake rabo. A nan aka ga wani abin. Zainab, wadda sunanta ke saman na Iya Zuwaira, ita ta tafi da dubu ɗari da talatin da takwas alhali nata dubu casa'in ne. Ta fito da kuɗin a ƙulle cikin leda, kanta a ƙasa, ta ce wallahi ba ta runtsa ba, ta so ta yi magana jiya kunya ta hana ta da ta ga abin ya zama rigima. Mutum uku kuma sun riga sun taɓa rarar, sun sayi gero da sukari na azumi. Aka haɗa giɓin ya kama dubu talatin da ɗaya. Sagir ya ce a cike da albashinsa na wannan wata, su biya shi a hankali. Hajiya Binta ta cika sauran shidan daga jakarta.

Iya Zuwaira ta ƙirga nata sau biyu, tana tofa yawu a yatsa. Da ta gama ta dubi wadda ta yi maganar keke.

"Ke kuma, Lami, tashi. Kafin shi, ke za ki fara shiga gidan."

Su huɗu suka tafi, Hajiya Binta a gaba da makulli. Suka tarar da Hajiya Ladi a tsakar gida tana juya shanshera a tukunya, hayaƙi ya sa idonta ja. Lami ta durƙusa tana kuka tana neman gafara. Sagir ya tsuguna nesa kaɗan, ya maimaita abin da ya faɗa a zaure, bai rage komai ba.

Hajiya Ladi ba ta daina juyi ba sai da ya kai ƙarshe.

"Sagiru, kuskure na kowa ne, na yafe maka. Abin da ya ƙona ni, da tsohuwa ta zube tsamiyarta a gabanka, ka ce kwamfuta. Littafina yana kusa da gwiwarka, ba ka buɗe ba."

"Haka ne, Hajiya."

Hajiya Binta ta miƙa mata makulli. Ta dube shi, ta goge hannu da zani, amma ba ta karɓa ba.

"Ki riƙe tukuna, Yaya. A bar ni in yi azumina. Bayan salla in na dawo, sharaɗina ɗaya: duk ƙarshen wata a karanta wa kowa nata a bainar jama'a, shi da takardarsa, ni da littafina, mai kuɗi ta amsa da bakinta."

"An yarda," in ji Hajiya Binta.

"Kai kuma tashi ka kai wa mai jego dubu shidanta. Ka haɗa mata da sabulu, tun jiya take aike."