Abin da zan faɗa idan na mayar da kiran mai ɗaukar ma'aikata

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da yamma. Ni ne direban da ya kawo takardunsa ofishinku na Jidda ranar Lahadi, kan aikin tuƙa motar rarraba kaya. Na ga kiranka da misalin ƙarfe 1, a yi mini afuwa, muna cikin sallar azahar ne, wayar tana kashe.

Na saurari saƙonka. Wallahi ina son aikin nan ƙwarai. Iƙamata ba ta ƙare ba, lasisina na Saudiyya ne, kuma kafilina ya amince da sauya kafala. Shekara 4 ina tuƙi tsakanin Jidda da Makka.

Yaushe zan zo mu gana? Gobe bayan la'asar ina da sarari. Na gode, Allah ya saka da alheri.