Shirin kamfen ɗin wanke hannu a Gangare, Jos

Damina na ƙaratowa, kuma a Gangare gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, masai ɗaya, ruwa kuwa sai an saya wurin mai ruwa. Mun gina shirin nan na rigakafin kwalara a kan tsarin nazarin imanin mutane game da lafiya, wanda masana suka samar a Amurka a shekarun 1950. Tsarin ya nuna mutum kan sauya hali idan ya yarda cutar za ta iya kama shi, tana da tsanani, kuma amfanin rigakafi ya fi wahalarsa.

Tsananin kwalara ba ya buƙatar dogon bayani, iyaye mata sun san yadda amai da gudawa ke zuƙe yaro cikin sa'o'i. Inda aikin yake shi ne yarda cewa hannun da ba a ganin datti a kansa yana ɗauke da cuta. Mutane suna alwala sau biyar, suna ganin sun wanke, kuma ba za mu raina wannan ba. Za mu roƙi limamai su ƙara da maganar sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci.

Cikas mafi girma kuɗin ruwa da sabulu ne. Buta ɗaya ta ishi mutane da dama idan wani yana zuba wa wani, kuma garin sabulu kaɗan a gorar ruwa yana daɗewa. Za a rataye gorar a ƙofar bayi, ganinta ma tuni ne. Malaman Islamiyya za su gwada wa yara wankin daƙiƙa 20 har su iya da kansu.