Tebur 4.6

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na dare Rukayya ta ce bari ta yi karatun ƙarshe kafin ta tura fayil ɗin cikin filash, don gobe ƙarfe goma sha biyu na rana za a rufe karɓar aikin 'yan mastas a sashensu, wanda bai kai ba kuma sai wani zangon. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, unguwar Rijiyar Zaki tsit sai injin maƙwabta da yake ta tari, laftof ɗinta saura 41%.

Tana kaiwa babi na huɗu ta tsaya.

A rubutun ta ce cikin masu ciki 384 da ta yi wa tambayoyi a wurin awo, 240 ne suka kwana a gidan sauro daren da ya gabata, wato 62.5%, kuma akwai alaƙa tsakanin zurfin karatun mace da kwana a gidan sauron, p = 0.041. Teburin da yake ƙasan sakin layin kuwa, Tebur 4.6, cewa yake mata 360 ne, 228 suka kwana a ciki, 63.3%, a can lungun dama kuma p = 0.072.

Ta goge gilashinta da gefen hijabi ta sake dubawa. Yana nan.

Wanda bai taɓa wannan harkar ba zai ce to mene ne abin tashin hankali tsakanin 0.041 da 0.072, ai duk 'yan ƙananan lambobi ne. To a tsakaninsu 0.05 take zaune, ita ce iyakar da ta rubuta da hannunta a babi na uku, abin da ya faɗi ƙasa da ita a ce an ga alaƙa, abin da ya haura a ce ba a gani ba. Kuma babi na biyar ɗinta gaba ɗaya, shafi tara, a kan wannan alaƙar ta gina shi, har da shawarar da ta ba hukumomi.

Ta kira Hadiza, ƙawarta tun aji ɗaya a jami'a, sai a kira na uku ta ɗaga da muryar barci.

"Ke lafiya da daren nan?"

"Ina fa lafiya, teburina da rubutuna sun raba gari."

Hadiza ta saurara har ƙarshe sannan ta yi hamma. "Haba ƙawata, wannan ne zai hana ki barci? Wa zai zauna yana lissafa miki tebur? Ki mayar da na teburin 0.041 kawai, ki gyara 360 ta koma 384, minti biyu kin gama. Wallahi malaman nan abin da suke dubawa majin ne da jerin littattafan baya."

"Idan an tambaye ni a difens fa?"

"Sai Allah ya kai mu difens ɗin. Ni dai sai da safe."

Gaskiya ta kai linzamin kan lambar, har ta goge 72 ɗin, ta zauna tana kallon 0.0 da ɗan layin nan yana ƙiftawa. Abin da ya tsayar da ita a lokacin ma ba wani tsoron Allah ba ne tukuna, haushi ne, ita ba ta san wanne ne na gaskiya a cikin biyun ba, aikin da ta sha ranar Afrilu a kansa tana bin asibitocin sha-ka-tafi a adaidaita sahu. Ta danna Ctrl+Z.

Foldar aikin kuwa kasuwar Kurmi ce, ka shiga ka ɓata. Ga data_final, ga data_final2, ga data_final_gyara, ga wani wai data_NA_GASKE. Ta buɗe na farko a SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, ta gangara ƙasa, layi 384. Ta buɗe na gyara, 360. To ina 24 suka shiga?

Sai ta tuna da kwalin.

Ta haska fitilar waya ta durƙusa ta jawo kwalin taliyar yara daga ƙarƙashin gado, ƙura ta tashi ta sa ta atishawa har sau uku. Takardun tambayoyin suna ciki damin hamsin-hamsin, a can ƙasa kuma ga wani ɗan siririn dami an ɗaure shi da robar kuɗi, da rubutunta a sama da jan biro: ba su cika ba. Ta ƙirga da yawu a yatsa. 24 cif. Wasu an tsallake shafin baya ɗungurungum, ɗaya ma akwai shatin kofin shayi a kai, ta tuna matar, ana kiran sunanta layin awo ta miƙe ta bar ta da biro a hannu. A watan Satumba Dakta, malamin da yake duba aikinta, ya ce ta cire duk waɗanda ba a amsa manyan tambayoyin ba ta sake lissafi, ta cire, ta sake, ta liƙa sababbin teburan, a ranar kuma aka yi rasuwar kawunta suka tafi Gwarzo kwana bakwai. Rubutun tun na Yuli ne, ba wanda ya koma kansa.

Kenan teburin ne mai gaskiya, wanda ta so yi wa tiyata.

Umma ta turo ƙofa da fitila a hannu. "Ke da wa kike surutu, ga takardu kin baje kamar mai neman takardar fili?"

"Umma kuskure na gano, sai na sake babi guda kafin safiya."

"Naki ne kuskuren ko na injin?"

"Nawa ne."

Umma ba ta ƙara cewa komai ba, ta fita, can sai ga ta da filas ɗin shayi mai citta da kanumfari, Abba na biye da ita ido a rufe yana jan wayar wuta da ya roƙo daga gidan Alhaji mai inji. "Yaya wallahi kin ci bashi," ya ce, ya jona ya koma ya kwanta.

Ta sake gudanar da Crosstabs, lissafin da yake fitar da teburin, don ta gani da idonta, 0.072 ta fito ba ko kunya. Daga nan sai Ctrl+F, tana farautar 384 da 62.5 da 0.041 shafi-shafi, ta same su a wuri goma sha ɗaya, har cikin taƙaitawar farko da kowa yake fara karantawa. 384 ɗin babi na uku ta bar ta, don wannan adadin da ta tsara tambaya ne, sai ta ƙara layi biyu tana bayanin 24 da aka cire da dalilin cire su.

Babi na biyar ne ya ci daren. Akwai wani sakin layi da take ji da shi, wanda ta karanta wa Hadiza har sau biyu, ta yi masa kallon ƙarshe ta share. Ta fara rubuta cewa babu alaƙa, ta tsaya, ta goge, don ba abin da lambar ta ce ba kenan, ta rubuta cewa a wannan samfurin ba a samu isasshiyar hujjar alaƙa ba, mai yiwuwa bincike mai mutane fiye da haka ya nuna wani abu. Shafi tara suka koma shida da rabi. Tana adana fayil ɗin ladanin masallacin layinsu yana gyaran murya a lasifika.

Ƙarfe takwas da rabi tana shagon bayindin a Kabuga, idanu jajur, mai shagon ya soka filash ɗin yana gungura linzami.

"Hajiya wanne zan buga? Na ga final sun kai biyar a nan."

"Na ƙasan, wanda aka rubuta asuba."

"Kwafi nawa?"

"Huɗu. Amma fara ciro min shafi na 47 shi kaɗai tukuna."

Ya miƙo mata takardar da ɗuminta, ta ɗora yatsa ɗaya a kan rubutun, ɗaya a kan teburin, ta bi su lamba-lamba tana motsa baki, na bayanta a layi har ya fara tsaki.

"Buga," ta ce.