Sabon tsarin karatun 'yan aji uku daga yau zuwa ƙarshen jarrabawa

Litinin, 1 ga Ramadan 1445 (11 ga Maris 2024)

Assalamu alaikum ɗalibaina. Barkanmu da shigowar wata, Allah ya ba mu ikon azumtarsa.

Tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata daren jiya, lissafinmu ya fita sarai. Jarrabawar zango na biyu za ta fara ranar Litinin 25 ga Maris, wato azumi na 15, ta ƙare ranar Alhamis 4 ga Afrilu, azumi na 25. Ke nan saura mako biyu cif, kuma takardu biyar na ƙarshe za su faɗo cikin goman ƙarshe. Tsarin da muke bi tun watan Janairu ba zai yi aiki a haka ba, shi ya sa na zauna na sake shi. Kowa ya kwafi wannan takarda a bayan littafinsa, ya kuma karanta wa iyayensa, domin akwai maganar da ta shafe su.

Darasin yamma da muke yi daga ƙarfe 4:00 zuwa 6:00 an ɗage shi har bayan salla. Wanda ya wuni tun 5:25 na asuba bai sa komai a baki ba, a ranar da zafi ke kusantar digiri 40, in ka zaunar da shi bayan la'asar kana koya masa Lissafi, ido ne kawai a kan allo. 'Yan mata kuwa a lokacin ne ake fi buƙatarsu a gida. Na mayar da darasin ranakun Asabar, 16 da 23 ga Maris, daga 7:00 zuwa 9:30 na safe. Ba Lahadi ba, don na san da yawanku kuna raka iyaye kasuwar Gujungu.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne lokacin da ke tsakanin sallar asuba da fitowa makaranta. Ciki da abinci, jiki da ruwa, gari da sanyi, ƙannenku sun koma barci. Duk wunin azumi babu lokacin da kai ke ɗaukar karatu kamar wannan, kuma shi ne muka fi zubarwa, domin ana sallamewa sai kowa ya nemi tabarmarsa. Daga gobe, in an idar da salla an yi azkar, da misalin 5:50, a ɗauko abin da ya fi wuya: Lissafi ranar Litinin, Laraba da Juma'a, Kemistiri ranar Talata, Fizikis ranar Alhamis. A yi har 7:00. Kuma da biro da takarda za a yi shi, a zaune, ba a kishingiɗe ba. Wanda ya buɗe littafin Lissafi yana bin misali da ido yana gyaɗa kai bai yi komai ba tukuna. Rufe misalin, ka warware shi da kanka, sannan ka buɗe ka ga inda ka kauce. Tambaya biyar da ka warware da hannunka sun fi shafi ashirin da ka kalla.

Na san barcin bayan asuba yana da daɗi, kuma kwana ukun farko za ku sha wuya. Ku fito tsakar gida ko ƙofar zaure ku zauna, kada ku zauna a kan shimfiɗar da kuka tashi daga kanta. Zuwa ƙarfe 6:15 gari ya yi hasken da ba sai da fitila ba, don haka cajin minti talatin ya isa. Masu zuwa daga ƙauyukan nesa, waɗanda dole su kama hanya tun 6:45, ku tashi rabin sa'a kafin sahur ku cike abin da hanya za ta cinye muku.

Makaranta za a riƙa tashi 12:30. In an yi azahar, daga 1:30 zuwa 3:00 barci ne, kuma wannan barcin yana cikin jadawalin kamar yadda Lissafi ke ciki. Ga dalili. Wanda ya kwanta 10:00 na dare ya tashi 4:15 ya samu sa'a shida da kwata, ɗan shekara goma sha bakwai kuwa yana buƙatar wajen takwas. Ƙailula ce za ta cike giɓin. Abin da ka karanta da safe ma barci ne ke zaunar da shi a kai. Wanda ya rage barci don ya ƙara karatu, kamar mai zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Don Allah kada in ji an ce wani ya kwana biyu bai runtsa ba wai yana shirin jarrabawa. Ba abin yabo ba ne a wurina.

Bayan la'asar na bar muku shi: karatun Alƙur'ani, sauraron tafsiri, aikin gida. Wanda ya samu sarari zai iya duba ƙananan takardun da ya rubuta ma'anoni da ƙa'idoji a kai, ko ku haɗu ku biyu ku uku a gindin bishiya kuna yi wa juna tambayoyin Bayoloji da baki. Sabon darasi dai ban yarda a fara shi a wannan lokacin ba.

Da dare, bayan asham, minti arba'in da biyar kawai nake nema, daga 9:00 zuwa 9:45, kuma na abubuwa masu sauƙin shiga: Turanci, Hausa, Addini, Aikin Gona, Ilimin Zama Ɗan Ƙasa. Dare biyu a mako a rubuta insha'in Turanci guda cikakke, mai kalmomi kamar 450, gwargwadon abin da WAEC ke nema, a kawo mini da safe in duba. Wannan minti arba'in da biyar ɗin tun wajen buɗa-baki ake samunsa ko a rasa shi. Wanda ya haɗa kunun tsamiya kofi uku da ƙosai da tuwo a zama ɗaya, ko asham da ƙyar zai kai. A sha ruwa da dabino da ɗan kunu, a yi magariba, sannan a ci abinci daidai. Ruwa kuma a riƙa sha kaɗan-kaɗan har a kwanta, ba a tara shi duka sai an ji ana shirin kiran asalatu ba. Ciwon kan da ke kama wasunku da hantsi yawanci daga nan yake. Sahur kada a bar shi ko da ɗumamen tuwo ne ko fura. Manzon Allah (SAW) ya ce a yi sahur domin akwai albarka a cikinsa. Daga azumi na 10 'yan tashe za su fara zagaye. Ku kalla in sun zo ƙofar gida, amma ɗan aji uku bana ba ya cikin ayari.

Yanzu ga maganata da iyaye, musamman iyayenmu mata. Yarinyar da za ta zauna jarrabawa ɗaya da yaron maƙwabta ita ce ke tashi 3:30 ta hura wutar sahur, ita ce ke wanke-wanke bayan asuba, ita ce da surfe da kai niƙa da ɗebo ruwa da suyar ƙosai da yamma. In aka bar abin haka, sa'ar nan ta bayan asuba da na gina tsarin duka a kanta ba za ta taɓa ganinta ba. Ba na cewa a raba ta da aikin gida. Abu biyu nake roƙo, na kwana 25 kacal: wanke-wanken sahur a jinkirta shi ko a ba ƙannenta, kuma a bar ta ta kwanta bayan azahar ko da sa'a ɗaya ce. Cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajin nan akwai 'yan mata, kuma ina tsoron kada gajiya ta kayar da su a abin da suka sani. Iyaye maza kuma, na san alkama ta isa yanka a fadama, ga ban ruwan albasa da tumatir. In da hali a bar wa yaran aikin gona ranar Lahadi da yammacin Asabar, a ranakun jarrabawa kuwa a ɗauke musu gaba ɗaya.

Takardun za su zo kamar haka, kowace za a fara ta 8:00 a gama kafin rana ta take. Litinin 25 ga Maris Turanci, Talata Bayoloji, Laraba Lissafi, Alhamis Kemistiri. Juma'a 29 ga Maris da Litinin 1 ga Afrilu hutun Ista ne na ƙasa, babu makaranta. Sai Talata 2 ga Afrilu Fizikis, Laraba Aikin Gona da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, Alhamis Addini da Hausa.

Duk wani sabon karatu a gama shi ranar Asabar 23 ga Maris. Daga nan sai bita da tambayoyin shekarun baya. A daren kowace takarda a kwanta kan lokaci, da asuba a duba taƙaitaccen abin da aka rubuta, ba a buɗe babban littafi daga farko ba.

Wurin da nake so mu yi hankali shi ne makon na biyu. Goman ƙarshe za su shiga daren Asabar 30 ga Maris, masallatai za su fara tahajjud, kuma ba ni ne zan ce wa ɗalibina kada ya nemi Lailatul Ƙadari ba. Amma ku duba: daren 23 shi ne wanda za a wayi gari a shiga Fizikis, daren 25 kuma a wayi gari da Addini da Hausa. Saboda haka kwana huɗun nan na hutu, Juma'a zuwa Litinin, safiyarsu ta Fizikis ce, a gama da ita tun kafin yammacin Litinin. Wanda zai tsaya tahajjud a waɗannan darare ya ajiye karatun dare, ya kwanta da an idar da asham, ya tashi lokacin salla, ya kuma tsawaita ƙailularsa. Wanda ya san in ya yi tsayuwar dare gaba ɗaya zai yi gyangyaɗi a kan takarda, ya yi raka'o'in da zai iya a ɗakinsa kafin sahur; nafila ce, Allah na ganin niyya. Daren 27 zai zo ranar Juma'a 5 ga Afrilu da dare, kun riga kun ajiye biro, shi da sauran dararen duk naku ne.

Wasu sun tambaye ni makon jiya ko za a iya ajiye azumi ranar Lissafi a rama bayan salla. Jarrabawa ba ta cikin uzurin da ayar Suratul Baƙara ta ambata. Rashin lafiya da tafiya ta ce. Takarda ce ta safe, za ku fito kafin yunwa ta fara magana. Amma mai ciwon gyambon ciki ko sikila, ko wanda zazzaɓi ya kama, kada ya yi ta maza ya ɓoye. Ya je asibiti, ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa, ya kuma sanar da ni tun da wuri don in san yadda zan yi da takardarsa. Duk wanda jiri ya ɗebe shi a ɗakin jarrabawa ya ɗaga hannu nan take.

Wanda ba shi da fitila a gida ya same ni gobe bayan taron safe, akwai masu aiki da hasken rana guda shida a ofis da za a ba da aro, 'yan unguwa ɗaya su haɗu a kan ɗaya. Ranar Asabar kowa ya zo da littafin da ya yi aikin asuba a ciki, zan duba na Talata zuwa Juma'a kafin mu fara darasi.

Wassalam.

Malamin ajinku